Na share kwamfuta jiya, yau fanka na juyawa amma babu hoto

Abban_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakonku don Allah. Kwamfutar shagona ce ta tebur, da ita nake buga takardu da yi wa ɗalibai rajista. Firosesarta i5-6500 ce, bod ɗin H110 mai ramin ram biyu, kowane rami da 8GB, fankar kuma wadda ta zo da firosesar ce mai ƙusoshin roba huɗu. Tun da hunturu ya shigo take ƙugi kamar injin markaɗe, sai jiya bayan la'asar na buɗe ta na tarar ƙura ta yi katifa a kan hitsink. Na cire fankar, na kakkaɓe, na goge tsohon man da ya bushe, na sa sabo, na mayar da komai. Da na kunna sai fanka ta juya kamar daƙiƙa goma, ta tsaya, ta sake tashi da kanta, ta sake tsayawa. Monita baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani ba ya fitowa. Kafin in taɓa ta lafiyarta ƙalau ban da ƙugin. Mutane na ta zuwa da aiki ina mayar da su.

Sadiq_Gyadi:
Wa alaikumus salam. Ram ne oga. Cire su ka goge bakinsu da abin goge fensir ka mayar har sai ka ji ƙas a kowane gefe. Sau tari shi ke nan.

Abban_Khairat:
Na yi wannan tun daren jiya Malam Sadiq, har sau biyu. Babu canji.

Ummu_Sultan:
Ni ma tawa laftof ta taɓa yin haka, fomat aka yi mata ta dawo daidai. Ka kai a sake maka Windows.

Injiniya_Sabo:
Hajiya, tasa ba ta kai ga Windows ba tukuna. Tun da ko tambari bai fito ba, tun a gwajin farko da bod yake yi wa kansa ta tsaya, kafin ma ta waiwayi had disk ɗin da Windows ke ciki. Don Allah Abban Khairat kada ka bari a yi fomat, takardun mutane za ka rasa a banza.

Tambayoyi uku gare ka. Na farko, wayar wuta mai baki huɗu ko takwas da ke shiga kusa da firosesa, ta sama wajen hagu, ka cire ta lokacin shara? Mutane da yawa suna mayar da babbar mai baki 24 su manta wannan ƙaramar, fanka ta yi ta juyawa babu hoto. Na biyu, igiyar monita ta koma inda take a da? Na uku kuma shi ne ya fi damuna: firosesar kanta ka ɗaga ta daga soket, ko a zaune ka goge ta?

Abban_Khairat:
Wayar tana nan a jone Injiniya, na duba yanzu. Ba ni da katin hoto daban, a bayan bod igiyar monita take tun asali. Firosesar kuwa na ɗaga ta, domin tsohon man ya gangara gefenta har kan ƙarfen da ke danne ta. Na buɗe ƙarfen, na cire ta, na goge ta a hannu. Sannan na ga ɗan ɓurɓushin busasshen mai a bakin soket ɗin, na sa tsumma na share.

Injiniya_Sabo:
Tsumman nan shi nake zargi. Kada ka sake kunna ta sai ka duba soket.

Bash_Kabuga:
Ni ina ganin zafi ne kawai. Fankar mai ƙusoshin roba ai an san halinta, in ɗaya bai shiga ba hitsink ba ya taɓa firosesa sosai, sai ta ɗau zafi ta kashe kanta. Shi ya sa take mutuwa bayan daƙiƙa goma. Ya danna ƙusoshin da kyau kawai, ba sai an tsorata shi ba.

Injiniya_Sabo:
Malam Bash, maganarka kan ƙusoshin gaskiya ce, kuma ya kamata ya duba su. Amma alamar zafi daban take da wannan. Firosesar da hitsink bai zauna mata daidai ba tana tashi, ta nuna tambari, sau da yawa har ta shiga Windows, fanka na ihu, sannan ta mutu ɗif. Irin wannan firosesar sai ta kai wajen digiri 100 take fara rage gudunta don ta huce, in abin ya wuce nan ta yanke wuta. Kuma in ta mutu don zafi yawanci a mace take zama har sai ka danna maɓalli. Tasa kuwa tashi take ta faɗi ta sake tashi da kanta ba tare da hoto ko sau ɗaya ba. Wannan bod ne yake neman magana da ram bai samu amsa ba, sai ya sake daga farko.

Abin da ya haɗa ram da soket shi ne, mai sarrafa ram ɗin a cikin firosesa yake. Duk layin da ya taso daga ramin ram sai ya bi ta ƙafafun soket kafin ya isa gare ta. Ƙafa ɗaya ta wannan layin ta kauce, sai ka ga kamar ram ne ya mutu alhali lafiyarsa lau. Shi ya sa Malam Sadiq bai yi nisa da gaskiya ba.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi, amma bayan ka duba soket ka tabbatar babu ƙafafu biyu da suka haɗe da juna. Sa ram ɗaya tak a rami na farko ka kunna. In babu hoto, ka kashe, ka mayar da shi rami na biyu.

Mai_Shago_Zariya:
Kafin a yi nisa, da me ka hure ƙurar? Na tambaya ne don akwai maƙwabcina da ya ɗauki tasa ya kai wajen mai faci aka hure masa da iskar taya. Iskar nan tana zuwa da ruwa daga cikin tanki. Ya dawo ya jona nan take, fawa saflai ya yi tartsatsi.

Abban_Khairat:
A'a, ƙaramar bulowa ta hannu ce da buroshin fenti sabo.

Sadiq_Gyadi:
Bulowa ma in za a hura a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta wulwulawa, tana lalata mata gindi. Ni nawa fankoki biyu suka fara ƙara ta haka.

Hauwa_Tek:
Yaya Abban Khairat, ga yadda za ka duba, domin da ido kai tsaye ba lallai ka gani ba. Zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita, ka kwantar da akwatin a tebur. Cire fanka, buɗe ƙarfen, ka ɗaga firosesar sama tsaye da yatsu biyu ta gefe, kada ka ja ta a kwance. Sai ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocilan daga gefe, a kwance kusan daidai da bod ɗin. Kan kowace ƙafa zai yi ƙyalli, ka ga layuka a jere kamar kunyoyin gona. Wadda ta lanƙwashe za ta fito a matsayin ɗigo mai duhu, ko ƙyallin da ya fita daga layi. Ka juya tocilan ɗin ta ɓangarori huɗu, domin wata ba ta nuna kanta sai daga gefe guda. Ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi ka turo mana.

Abu ɗaya kada ya ruɗe ka: ƙafafun dama can a karkace aka yi su, kuma rabin soket ɗin suna kallon gefe ɗaya, ɗaya rabin suna kallon kishiyarsa. Ba lalacewa ba ce. Kowace ƙafa da maƙwabtanta za ka gwada ta.

Abban_Khairat:
Allah ya saka da alheri ƙanwata. Na yi yadda kika ce. Abu biyu na gani. Na farko Malam Bash ya yi gaskiya, ƙusa ɗaya ba ta shiga ba, farar robar mai baki biyu ɗaya bakin ya tanƙware a saman bod bai ratsa ramin ba, kuma sabon man da na sa gefe ɗaya kawai ya baje. Na biyu, akwai ƙafafu uku da suka fita daga layi, duk a gefen da ke kallon ramukan ram, daidai inda na sa tsumma. Biyu sun ɗan kauce gefe ne, ta ukun ta miƙe sama, har da ɗan zare maƙale a kanta. Ba su taɓa juna ba dai yadda nake gani.

Bash_Kabuga:
To ai ga shi, na ce ƙusar. Ni har yanzu ina ganin a fara gyara ta a gani. Na taɓa samun wata da ba ta ba da hoto, ina daidaita fankar ta tashi, ban taɓa soket ba.

Injiniya_Sabo:
Na yarda ka gani Malam Bash, amma wace irin fanka ce? In irin manyan nan ne masu ƙusoshin ƙarfe da faranti a bayan bod, hakan na faruwa. A ɗaure gefe ɗaya tam a bar ɗaya sako-sako, bod ya ɗan lanƙwasa, wasu ƙafafu su daina taɓawa, ram ɗaya ya ɓace ko hoto ya ƙi fitowa. A sassauta rubu'in juyi sai ta tashi. A irin ta roba kuwa ƙarfen soket ne ke danne firosesar, ƙusa ɗaya da ba ta shiga ba zafi take kawowa.

Bash_Kabuga:
Ta roba ce, na tuna sarai. Wataƙila garin dannawa na taɓa ram ɗin ya zauna, Allah masani, amma abin da ya faru ke nan.

Dan_Gashuwa:
Miƙe ƙafa ai abu ne mai sauƙi. Samo fensirin nan mai dannawa na 0.5, ka zare bakin rubutun, ka zura ƙafar a cikin ramin ka miƙe ta. Sannan ka bi layin da katin banki. Na yi wa Ryzen 5 3600 tawa haka, ƙafafu sun fi goma, yau shekara biyu tana aiki.

Hauwa_Tek:
Malam, don Allah kada ya gwada wannan a tasa. Taka AM4 ce, ƙafafun a jikin firosesa suke, miƙaƙƙu ne tsaye masu ɗan kauri, fensir da kati suna yi musu aiki. Tasa LGA1151 ce, ƙafafun 1151 a cikin soket ɗin bod suke, siririya ce kowace kamar gashi, a karkace, da ɗan kai a samanta wanda ke taɓa cikin firosesa. Kati ya bi ta kansu sau ɗaya, uku za su koma talatin.

Dan_Gashuwa:
Na fahimta, ban lura da lambar ba. Ni tawa wajen cire fanka ne ta lanƙwashe, man ya bushe ya kama, ina ja sai firosesar ta taho manne da hitsink alhali hannun soket a kulle yake. Tun daga nan sai na bar kwamfuta ta yi aiki minti goma ta yi ɗumi, na kashe, na ɗan murɗa fankar hagu da dama kafin in ɗaga. Masu AM4 su kiyaye wannan.

Injiniya_Sabo:
Abban Khairat, shawarata ta farko ka kai bod ɗin wajen masu gyaran waya da ke aiki da madubin ƙara girma. In a Kano kake, Farm Centre cike take da su. Ka nemi mai natsuwa, ka nuna masa ƙafafun uku, ka ce su kaɗai zai taɓa. Aikin minti goma sha biyar ne ga wanda ya saba da ƙananan abubuwa.

In kuma ka ce da kanka za ka yi, to ka fitar da bod ɗin daga akwati ka ɗora shi kan kwali a wuri mai haske. Siririyar allurar ɗinki ta isa. Ka fara cire zaren, da hantsaki mai tsinin baki, ka ɗaga shi sama a hankali, in ya ƙi ka warware shi da allura, kada ka fizga. Ka kafa gefen hannunka a tebur yadda yatsu kaɗai ne ke motsi. Biyun da suka kauce gefe, ka tura su daga tsakiyar jikinsu, kaɗan, ka saki, ka haska, ka sake. Ƙarfen yana ɗan dawowa baya in ka saki, saboda haka sai ka ɗan wuce layin kaɗan kafin ya tsaya daidai. Ba sai ta yi kyau kamar sabuwa ba. Abin da ake nema kanta ya dawo kan layi, tsayinta ya zo ɗaya da na maƙwabta, kuma kada ta taɓa kowa.

Ta ukun da ta miƙe sama ita ce mai haɗari, domin an riga an lanƙwasa ta sosai sau ɗaya. Ƙarfen nan in aka kai shi aka dawo da shi sau biyu ko uku karyewa yake a gindi. Kuma kada ka rufe firosesa a kanta tana tsaye, ƙarfen dannewa zai murƙushe ta kan ta kusa da ita.

Mai_Shago_Zariya:
In ta karye shi ke nan bod ya tafi?

Injiniya_Sabo:
Ya danganta da aikinta. Ɗaruruwa daga cikin ƙafafun nan na wuta ne da na ƙasa, waɗanda ake rubuta wa VCC da VSS a taswirar soket, kuma aiki ɗaya suke yi tare, in ɗaya ta tafi sauran sukan ɗauke nauyin. Akwai ma waɗanda ba a jona su da komai ba. Amma in ta layin ram ce, wannan ramin ya tafi, sai dai a canza soket ɗin gaba ɗaya da injin zafi, kuma a tsohon bod irin H110 gara ka nemi wani na hannu.

Ummu_Sultan:
Allah ya sa a dace Malam. Ni ban san abin ya kai haka ba, na janye maganar fomat.

Abban_Khairat:
Amin Hajiya, na gode da kulawa. Ga inda aka kwana. Ba a Kano nake ba, kuma mai gyaran wayar da na sani a nan ya yi tafiya, sai na yi bismilla na zauna da safe bayan na karya. Zaren ya fita lafiya. Biyun sun koma layi, sun ci mini kusan awa ɗaya. Ta ukun na kwantar da ita ta dawo tsayin sauran, amma kanta ya ɗan karkace, ƙyallinta bai zo ɗaya da nasu ba. Na ji ta yi laushi a ƙarƙashin allurar sai na tsaya.

Na mayar da firosesa, na bi alamar kusurwa uku da ƴan yankan nan biyu na gefe. Farar robar da ta tanƙware na matse ta da yatsa ta shiga ramin. Ram ɗaya a rami na farko: irin ta jiya, tashi da faɗuwa. Na mayar da shi rami na biyu, sai ga tambari. Alhamdu lillahi. Ta tsaya ta ce fankar firosesa ba ta nan, na duba na ga a gaggauce na jona ta a `SYS_FAN`, na mayar `CPU_FAN`. Yanzu tana cikin Windows. Na gwada ɗaya ram ɗin a rami na biyu shi ma yana aiki. In na sa biyun tare ba ta tashi.

Hauwa_Tek:
Ma sha Allah Yaya. Ram ɗinka biyu lafiyarsu ƙalau ke nan, rami na farko ne ba ya samun hanya. Shiga BIOS ka bar ta minti biyar ka ga zafin. In tana wasa tsakanin talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, fankar ta zauna. In ka ga lambar tana hawa ba tsayawa ta nufi saba'in, ƙusa ba ta kama ba. Ka leƙa bayan bod ma, kowace ƙusa ya kamata ka ga baƙin tsinke ya ratsa tsakiyar farar robar ya buɗe ta. Kuma ina fata ka goge man jiya ka sa sabo.

Abban_Khairat:
Na sa sabo, kamar ƙwayar wake a tsakiya. Zafin 41 ya tsaya. Baƙaƙen tsinkayen huɗu duk sun fito ta baya. Jiya ashe kuskuren da na yi, kan ƙusoshin na bar su a juye ta inda kibiya ta nuna, ban san wannan na cirewa ba ne.

Sadiq_Gyadi:
Wannan kibiyar ta ruɗi mutane da yawa. A juya su baya saɓanin kibiya tukuna, a ja su sama, a daidaita farar robar a rami, sannan a danna biyu masu kallon juna ta kusurwa, a koma sauran biyun.

Bash_Kabuga:
Tun da hannunka ya faɗa, ka koma ka ƙarasa ta ukun mana. 16GB ka saya, don me za ka zauna da 8? Kuma ram ɗaya yana rage gudu, balle kai da hotonka daga firosesa yake fitowa.

Injiniya_Sabo:
Ni ba zan ba shi wannan shawarar ba. Ya ce ya ji ta yi laushi, alamar tana dab da karyewa ke nan. In ta karye ta faɗa tsakanin sauran ƙafafun ba a gani ba, tana iya haɗa wuta ta ƙone abin da yanzu yake aiki. Gudun da Malam Bash ya faɗa gaskiya ne yana raguwa, amma mai wasannin kwamfuta ne zai ji shi sosai. Buga takarda da rajista 8GB ya ishe su. In ya matsu, H110 yana ɗaukar 16GB a rami ɗaya, ya musanya biyun da guda.

Hauwa_Tek:
Ni ina tsakiya. Ba mu ma tabbatar ta ukun ce ke hana ramin aiki ba, wataƙila cikin biyun da ya gyara ɗaya ta yi ƙasa kaɗan, ko akwai ta huɗu da tocilan bai nuna ba. Da madubi a minti biyu za a gane. Ya yi aikinsa yanzu, ranar da mai gyaran ya dawo ya kai a duba, dubawa kawai, sannan a yanke shawara.

Injiniya_Sabo:
Ko dubawar ai sai an sake ɗaga firosesa an sake danne ta, kuma kowane dannewa motsa wannan ƙafar yake.

Mai_Shago_Zariya:
Ni tambayata daban. Tawa shekara uku ban taɓa buɗe ta ba, kuma ita ma ta fara ƙugi. Yanzu tsoro ya kama ni. In bar ta ne?

Hauwa_Tek:
Ka share ta Malam, ƙurar ce ke sa ƙugin. Hure hitsink ɗin yana nan a ɗaure, ka riƙe fankar. In bayan nan zafin ya sauka ba sai ka cire komai ba. In sai an canza mai, ka cire fanka kaɗai, ka goge firosesar tana kulle a mazauninta da auduga da ɗan sifirit. Muddin tana zaune ta rufe ƙafafun, babu abin da zai kai gare su.

Abban_Khairat:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na rufe akwatin, na sa ɗaya ram ɗin a leda na ajiye a durowa. Akwai mutum huɗu da ke jiran takardunsu tun jiya, bari in sallame su. Mai gyaran zai dawo ranar Asabar, ban yanke ba tukuna ko zan kai masa.

Dan_Gashuwa:
In ka kai, don Allah ka ce ya ɗauko mana hoton soket ɗin ta cikin madubin. Ina son ganin yadda ta ukun nan take.